Sallar 2024 da lissafin wata: a riƙa auna shaida kafin sanarwa

A shekarar 2024 an yi Ƙaramar Sallah a ranaku uku daban-daban. Nijar da Mali sun yi idi ranar Talata 9 ga Afrilu. Najeriya da Saudiyya da mafi yawan ƙasashe sun yi ranar Laraba 10 ga wata. Bangaladash da yawancin Indiya kuwa sai ranar Alhamis 11. Ɗan ci-rani da ke Kano ko Jidda ya kira gida Maradi yana bakin azumi, ya tarar ana cin tuwon sallah. Kamar kullum, muhawara ta ɓarke a WhatsApp, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya kauce. Gaskiyar magana ita ce wani saɓanin daga tafiyar wata da rana yake, ba laifin kowa ba ne, wani kuma ana iya kauce masa. Ya kamata mai karatu ya iya bambance su.

Kalandar da ofisoshi da makarantu ke aiki da ita, wadda ake kira ta Miladiyya, rana take bi. Duniya na kammala zagayen rana cikin kwana 365 da kusan awa 6, shi ya sa ake ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu. Tsawon watanninta yarjejeniya ce ta mutane, babu wanda ke fita duban sama kafin ya ce yau 1 ga Yuli. Amfaninta shi ne tana riƙe da yanayi: a ƙasar Hausa Agusta damina ce, Janairu sanyi ne, bara da bana da baɗi.

Kalandar Hijira, wadda aka tsara zamanin Halifa Umar aka kuma fara ƙirgarta daga shekarar 622 ta Miladiyya, wata take bi. Daga haihuwar wata zuwa ta gaba, a matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Tunda ba a raba yini biyu, sai wata ya zo ko dai kwana 29 ko 30. Wata goma sha biyu sun ba da kwana 354, wani lokaci 355. Ke nan shekarar Hijira ta gaza ta rana da kwana 10 zuwa 11, kuma Musulunci ya hana cusa ƙarin wata don cike wannan giɓi.

Abin da ya sa azumi ke yawo cikin shekara ke nan. A Saudiyya an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, ranar 1 ga Maris a 2025. Cikin shekara 33 sai ya zagaye bazara da sanyi da kaka da damina ya dawo inda ya tashi. A 2030 ma ana sa ran Ramadan zai kama sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Haka nan mai shekara 32 a takardar haihuwa ya kai kimanin 33 a lissafin Hijira.

Wannan ɓangaren ba shi da gardama. Gardamar tana wurin ranar da wata ke kamawa, kuma tana farawa daga bambancin haihuwar wata da ganinsa. Haihuwa ita ce lokacin da wata ya zo saiti ɗaya da rana, tsakaninta da duniya. Lokaci guda ne ga duk duniya, kuma masana taurari na lissafa shi har zuwa minti. A wannan lokacin ba a ganin wata, domin gefensa mai haske yana fuskantar rana ne. Daga nan yake janyewa a hankali, sai ya yi nisan da siririn haskensa zai iya bayyana bayan faɗuwar rana. Da ido kawai, da wuya a ga jinjirin da bai kai awa 15 zuwa 16 da haihuwa ba, ko da sama ta yi tas. Galibi sai ya kusa kwana guda.

A nan ne wuri ke shigowa. Rana na faɗuwa a Makka kimanin awa biyu da rabi kafin ta faɗi a Yamai. Cikin waɗannan awoyi jinjirin ya ƙara girma, ya ƙara nisa da rana. Don haka mai duba daga yamma ya fi na gabas damar gani a maraice ɗaya. Ba abin mamaki ba ne a ga wata a Nijar ko Senegal alhali ba a gan shi a Indiya ba. Ko cikin Nijar, Difa na riga Yamai magariba da kimanin minti 40. Sai kuma hazo da ƙura da hadari, waɗanda ke iya rufe watan da ke nan a sama.

Bayan wuri sai ƙa'idar da kowace ƙasa ta zaɓa. Maroko na tsayawa kan ganin ido a cikin ƙasarta, shi ya sa sau da yawa take bin bayan wasu da kwana ɗaya. Turkiyya lissafi take bi, ta fitar da ranakun tun kafin lokaci. Saudiyya na da kalandar Ummul Ƙura ta lissafi, amma a kan azumi da idi kotun ƙoli ce ke karɓar shaidar gani. A Najeriya fadar Sarkin Musulmi ke sanarwa, a Nijar kuma Majalisar Addinin Musulunci. Saɓanin ba sabo ba ne. Hadisin Kuraibu da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna mutanen Sham sun riga na Madina ganin wata da dare ɗaya, kuma Ibn Abbas bai bi ganin Sham ba. Tun daga nan malamai suka rabu: wasu na ganin ganin wuri ɗaya ya wadatar wa kowa, wasu na ganin kowane yanki da nasa.

Duk waɗannan dalilai na iya raba ƙasashe da kwana ɗaya ba tare da kowa ya yi kuskure ba. Amma lamarin 8 ga Afrilun 2024 daban yake. A ranar aka yi husufin rana cikakke da aka kalla a Meziko da Amurka da Kanada. Husufin rana ba ya faruwa sai wata ya gitta gaban rana, wato a daidai lokacin haihuwarsa. An lissafa haihuwar da ƙarfe 7:21 na yamma agogon Nijar. Rana kuwa ta faɗi a Yamai wajen ƙarfe 7:05, a Maradi wajen 6:45, a Damagaram kafin haka. Ma'ana, lokacin da masu duba suka ɗaga kai a ko'ina cikin Nijar, ba a ma haifi watan ba. Washegari da magariba, yana da kusan awa 24, ya fito sarai ga duk wanda samansa ta yi haske.

Faɗin haka ba zargin kowa da ƙarya ba ne. Mutumin kirki mai gaskiya na iya ganin abu ya ɗauka wata ne. Siririn gajimare da hasken rana ya taɓa, ko layin hayaƙin jirgin sama, ko tauraruwa Zara cikin hazo, duk sun sha ruɗar idon da ya ƙosa ya gani. Talakan da ya bi sanarwar hukumar ƙasarsa ya sha ruwa ya yi abin da aka umarce shi. Nauyin yana kan masu tantance shaida.

Tantancewar kuma ba baƙuwa ba ce a fiƙihu. A mazhabar Malikiyya da ake bi a Nijar, ana tabbatar da wata da shaidar adilai biyu ko ganin jama'a mai yawa. Muktasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya kawo cewa idan aka ɗauki azumi da shaidar mutum biyu, aka cika talatin, sama na garau amma ba a ga sabon wata ba, to an ƙaryata shaidar tasu. A cikin Shafi'iyya, Imam Subki ya tafi a kan cewa idan tabbataccen lissafi ya nuna gani ba zai yiwu ba, ba a karɓar shaidar. Akwai malaman da suka saɓa masa, amma ra'ayin nasa ba na zamani ba ne, ya haura shekara ɗari shida.

Tambayoyin da za a yi wa mai shaida ba su da wuya. Da ƙarfe nawa ya gani? Jinjirin daren farko ba ya daɗewa, yawanci cikin awa ɗaya bayan rana shi ma ya faɗi. A ina ya gan shi? Dole ya kasance ƙasa-ƙasa a yamma, kusa da inda rana ta faɗi. Ina cikinsa mai haske ya fuskanta? Kullum wajen rana yake kallo, ƙahonninsa na nuna nesa da ita. Wanda ya ce ya ga wata a tsakiyar sama, ko bayan lisha, wani abu ya gani. Haka nan maganar da aka saba ji, cewa watan ya yi girma don haka na jiya ne, ba hujja ba ce. Watan da aka haifa dab da magaribar jiya ba a iya ganinsa jiya. Wanda kuma aka haifa tun safiyar jiya, shi ma mai yiwuwa bai ganu ba, amma yau zai fito da kauri yana da fiye da awa 30, kuma darensa na farko ke nan.

Abin da ya dace shi ne Majalisar Addinin Musulunci ta sa masana lissafin taurari cikin zamanta na daren duban wata, ta kuma sanar da jama'a tun da rana lokacin haihuwar wata da lokacin faɗuwar rana a manyan garuruwa. Lissafin ba zai maye gurbin gani ba. Aikinsa ya ce yau gani na yiwuwa ko ba ya yiwuwa. In ba ya yiwuwa, a cika talatin kamar yadda shari'a ta tanada. Sannan sanarwa ta faɗi garin da aka gani da lokacin, don mai shakka ya samu abin dubawa.

Ga ƴan Nijar da ke zaune a Legas ko Akara ko Tirabulus ko Faransa, mafi yawan malamai na cewa mutum ya yi azumi da idi tare da jama'ar garin da yake. Idan gida sun riga shi da kwana ɗaya, wannan kaɗai ba ya nufin ɗayansu ya ɓata. Kafin ya tura saƙon zargi, ya fara duba abu biyu: ƙarfe nawa aka haifi watan, kuma ƙarfe nawa rana ta faɗi a inda aka ce an gan shi.