Bashin da Ya Mutu da Bashin da Aka Ji Kunyar Nema

Duk wanda ya san cinikin sari a Kano, daga Dawanau zuwa Singa da Kantin Kwari, ya san cewa kaso mai yawa na kaya kan fita ne kafin kuɗinsu su shigo. Dillali yakan ɗauki tirelar shinkafa bisa alkawarin biya bayan wata guda, kuma sau da yawa yakan cika. Idan bai cika ba, mai kaya yakan yi asara ta biyu wadda ba kasafai ake lura da ita ba: tun ranar da aka rubuta cinikin a littafi aka lissafa shi cikin ribar shekara, wato an biya haraji a kan kuɗin da ba su taɓa zuwa hannu ba.

Dokar harajin Najeriya ta yi tanadin wannan tun da daɗewa. Sashe na 24 na tsohuwar dokar harajin kamfanoni ya yarda a cire mataccen bashi daga riba kafin a yanka haraji, kuma sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ba ta soke wannan dama ba. Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole bashin ya samo asali daga kasuwancin kansa, kuma a baya an riga an lissafa shi cikin kuɗin shiga. Dole a nuna cewa ya mutu ne a cikin shekarar da ake neman cirewar, ko da ya girme ta. Bashin da bai mutu ƙarara ba, amma ake shakkar biyansa, ana iya cire ɓangaren da aka ƙiyasta ya salwanta, matuƙar hukumar haraji ta gamsu da ƙiyasin. Sannan duk abin da ya dawo daga baya, riba ne a shekarar da ya dawo.

'Yan kasuwa da dama suna kallon waɗannan sharuɗɗa a matsayin dabarar hana su haƙƙinsu. Wannan kallo bai yi daidai ba, ko da yake akwai wurin da kokensu yake da tushe. Misali zai fi bayyana abin.

A ɗauki wani kamfanin sarrafa shinkafa, wanda girmansa ya wuce na ƙananan kamfanonin da aka ɗauke wa haraji, saboda haka yana biyan kashi 30 cikin ɗari na ribarsa. A ƙarshen Disamba ribarsa ta kai naira miliyan 200. Akantansa ya duba littafin basussuka, ya share naira miliyan 49, ribar ta koma miliyan 151, harajinta miliyan 45.3. (An bar harajin raya ƙasa da rangwamen injuna a gefe don lissafin ya yi sauƙi.) Tambayar da jami'in haraji zai yi ita ce, me ke cikin miliyan 49 ɗin nan?

Na farko bashin miliyan 18 ne a kan wani dillali da rumbunsa ya ƙone. Akwai takardar cajin kaya, akwai takardar da direba ya kawo da sa hannun wanda ya sauke kayan, akwai wasiƙun neman biya guda uku, ta ƙarshe daga lauya. An je kotu, an sami hukunci, ma'aikatan kotu sun je kame dukiya ba su tarar da abin da za a sayar ba. Wannan bashi ya mutu a idon kowa, kuma za a amince da shi gaba ɗaya.

Na biyu miliyan 12 ne a kan wani abokin ciniki da ya rasu. Magada sun amince da bashin, amma bayan an tattara abin da ya bari aka raba wa masu binsa, abin da ake sa ran zai zo wa kamfanin bai wuce miliyan 5 ba. Akanta ya share miliyan 7, ya ajiye takardar yarjejeniya da magada. Wannan shi ne bashin shakka wanda aka ƙiyasta da suna da dalili, kuma irinsa doka take nufi.

Daga nan labarin ya sauya. Akwai miliyan 10 na shinkafar da surukin mai kamfanin ya ɗauka shekara biyu da suka wuce. Mutumin yana nan da ransa, motocinsa suna jigila, shagonsa a buɗe. Ba a taɓa rubuta masa wasiƙa ba, domin ba a aika wa suruki takardar lauya. A ƙarshe dai mai kamfani ya ce a bar maganar. Akwai kuma miliyan 8 da aka ranta wa wani amini daga asusun kamfani ya ƙarasa ginin gidansa. Sai miliyan 6, wato kashi 5 cikin ɗari na sauran basussukan miliyan 120 da ake bin masu saye, wanda akanta ya ware saboda gogewa ta nuna masa cewa a kowace shekara wani abu yakan salwanta.

Duka ukun nan za a mayar da su cikin riba. Abin da aka amince da shi miliyan 25 ne, abin da aka ƙi miliyan 24. Ribar da za a yanka wa haraji ta zama miliyan 175, harajinta miliyan 52.5, wato ƙarin miliyan 7.2 a kan abin da kamfanin ya lissafa, ban da kuɗin ruwa da tara idan sai a lokacin bincike aka gano.

Rancen amini ba ya buƙatar dogon bayani: ba ciniki ba ne, ba a taɓa lissafa shi a matsayin kuɗin shiga ba, kuma ba da rance ba sana'ar kamfanin shinkafa ba ce. Wannan dalili shi ne kuma ya sa ɗan kasuwar da ba ya rubuta ciniki sai kuɗi sun shigo hannunsa ba shi da abin cirewa, tunda bai biya haraji a kan bashin ba tun farko.

Miliyan 6 ɗin ya fi ɗaure wa mutane kai, domin akanta bai yi kuskure ba. Ƙa'idar lissafi ta IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018, ta wajabta wa kamfanonin da ke bin ta su yi hasashen asarar bashi tun kafin ta auku. Littafin kamfani yana son ya gargaɗi masu jari da wuri, ita kuwa dokar haraji tana jiran asarar ta tabbata a kan wani mutum takamaimai. Da za a bar kowane kamfani ya zaɓi kason da zai ware, da kowane kamfani ne zai yanka wa kansa haraji. Kuɗin ba su ɓata ba: ranar da ɗaya daga cikin basussukan ya mutu da hujja, za a cire shi a shekarar.

Bashin suruki ne ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi yawa a kasuwannin Arewa. A wurin mai kamfani, kuɗin sun tafi kamar yadda na dillalin gobara suka tafi, kuma gaskiyarsa ce. Amma dillali ya kasa biya ne, suruki kuwa an ɗauke masa. Yafe bashi ga mai iya biya kyauta ce, kuma mutum yana da ikon yin kyauta da dukiyarsa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya sa baitulmali ta biya kashi 30 na kyautar. Idan aka amince da miliyan 10 ɗin, naira miliyan 3 na alherin da ya yi wa surukinsa daga aljihun sauran masu biyan haraji suka fito, ciki har da ma'aikacin da ake cire nasa tun kafin albashi ya shiga asusu. A nan doka tana da gaskiya. Akwai kuma ƙofar da take toshewa: da babu sharaɗin hujja, kamfani zai iya kai wa ɗan'uwa kaya, ya share bashin a littafi, su raba kuɗin a waje.

Inda koken 'yan kasuwa yake da ƙarfi shi ne batun gamsuwar hukuma. Doka ba ta ce sai da hukuncin kotu ba, amma ta bar wa jami'i ya auna hujja, kuma abin da ya fi masa sauƙin karewa a gaban shugabansa shi ne takardar kotu. Ga bashin miliyan 18 wannan ba laifi. Ga bashin naira dubu 300 a kan mai shago da ya kwashe kayansa ya bar gari, kuɗin lauya da zirga-zirga za su iya cinye dubu 90 ɗin da cirewar za ta tsirar. Kotunan ƙananan ƙararraki da Kano ta buɗe a 2019 sun rage wannan wahala, amma ba su da amfani idan ba a san inda za a kai sammaci ba. Ya kamata Hukumar Haraji ta Ƙasa, wadda ta gaji FIRS, da hukumomin jihohi masu karɓar harajin 'yan kasuwar da ba su yi rajistar kamfani ba, su fito fili su jera hujjar da ta wadatar ga kowane girman bashi. Wasiƙar neman biya, da saƙonnin waya, da takardar shugabannin kasuwa da ke tabbatar da cewa sun zauna sulhu kuma mutumin ba shi da abin biya, ya kamata su isa ga ƙaramin bashi. Shugabannin kasuwa suna wannan zama kullum. Abin da ya rage kawai a rubuta sakamakonsa, a sa kwanan wata.

Kwanan watan nan yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Tunda doka ta ɗaure cirewa da shekarar da bashi ya mutu, kamfanin da ya bar bashin dillalin gobara a littafi shekara huɗu, sannan ya share shi a shekarar da ribarsa ta yi yawa, ya ba jami'i dalilin tambayar me ya faru a bana wanda bai faru a bara ba. Amsar ita ce takardar da ke nuna ranar da fata ya yanke, da rubutaccen amincewar daraktoci cewa a share.

Share bashi a littafi kuma bai hana a ci gaba da nemansa. Idan dillalin ya farfaɗo bayan shekara uku ya kawo naira miliyan 4, kamfanin zai karɓa, ya rubuta su cikin ribar wannan shekarar, ya biya miliyan 1.2 a kansu.