Filin Matasa: Amarya, Shirunki Amincewa Ne

Wasiƙar wannan wata daga Dutsi ta Jihar Katsina ta fito. Wata budurwa ce aka yi wa baiko da ɗan baffanta, an sa rana bayan babbar sallah, lefe bai zo ba tukuna. Ta ce ita ba wani take so ba, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya, kuma tana jin nauyin mahaifinta. Tambayarta: ta yi shiru ne, ko ta yi irin ta fim?

To, irin ta fim ɗin duk mun san ta. Wanda ya karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko ya kalli fim ɗinsa, zai tuna yadda Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta Muhammad za a ba ta Abdulƙadir. A labari akwai marubuci da zai tsamo ki. A Dutsi kuwa babu daraktan da zai dakatar da kyamara.

Sai dai shirun ma ba mafita ba ne. Hadisi ya inganta cewa ana neman izinin budurwa, kuma shirunta shi ne izininta. Wato duk ranar da gwaggo ta ce "kin ji an ba da ke ko?" kika sunkuyar da kai kina wasa da bakin mayafi, a wajen manya kin amsa ke nan. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma ba don ya cutar da ita ba, kuma uban da bai ji komai daga gare ki ba, ta ina zai san akwai cuta?

Kafin ki buɗe baki, ki tantance abin da ke damun ki. Fargabar barin gida da zama da uwar miji kusan kowace amarya na yin ta, ita wannan hira da yayarki mai aure na rage ta. Dalili kuwa abu ne da za a iya bincikawa: yana shaye-shaye, ba a san sana'arsa ba, ya ce ba za ki ƙarasa makaranta ba, ko kun zauna zance sau uku bai iya haɗa ido da ke ba, alamar shi ma tura shi aka yi. Akwai kuma maganar jini, musamman a auren zumunci. In ke AS ce shi ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Neman a yi gwaji ba rashin kunya ba ne.

Sai batun lokaci. Yanzu da lefe bai zo ba, in an fasa, ɗan abin da aka karɓa na gaisuwa da baiko za a mayar. In akwatuna suka shigo, mata suka gani, aka ɗinka atamfofi, mutuncin gida biyu ya shiga ciki. In aka ɗaura kuwa, sai dai saki ko hul'i, wataƙila har gaban alƙali. Jinkirin mako ɗaya ma asara ne.

Kada ki tari Baba da kanki, balle a gaban baƙi. Ki nemi wadda yake jin maganarta: gwaggo ko kaka. A irin wannan aure kaka ta fi, don 'ya'yanta ne duka biyun, kuma akwai wasa tsakaninku. Na fi son a raba Inna da kai saƙon, domin da wuya a ce ba ita ta zuga ki ba. Ki same ta ita kaɗai bayan isha'i, ba kuka, ba ɗaga murya, ki ce: "Kaka, ban ƙi zaɓin Baba ba, amma akwai abu ɗaya da ya hana ni barci. Yaya ya ce in na tare ba zan koma makaranta ba. Don Allah a tambaye shi a gaban manya kafin a kawo kaya." Kin ga ba ki zagi kowa ba, kin faɗi abu ɗaya, kin roƙi abin da za a iya yi. Kalmar "ba na son sa" kawai amsarta a shirye take: za ki saba.

In mako ya wuce ba ki ji komai ba, ki tuntuɓe ta. In an ce ki yi haƙuri alhali dalilin na nan, sai ki roƙi kawunki ya kai maganar ga limamin unguwa, wanda zai iya tuna wa Baba hukunci ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Kuma ki ci gaba da istihara.

Samari, ku ma ana yi muku irin wannan haɗi. Sai mun ji daga gare ku a fitowa ta gaba.