A Tamanrasset, "zamna" ba kuskure ba ne

Duk wanda zai buɗe ajin koyon Hausa ga 'yan Aljeriya a Tamanrasset, shawara ɗaya ake ba shi: ya fara da Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano. Ban yarda ba.

Mai koyo a wannan gari ba Bakano zai tarar a kasuwar Assihar ba. Galibin masu Hausar da zai yi hulɗa da su daga Nijar suka zo, ta hanyar Agadez da Arlit da Assamaka, kuma da yawansu mutanen Adar ne da Gobir. An koya masa "zauna" da "suka tafi", sai ya ji "zamna" da "sunka tahi". Ɗayan biyu zai faru: ko ya ɗauka bai koyi komai ba, ko kuma, wanda ya fi muni, ya ɗauka masu harshen ne ba su iya ba.

Hujjata ba ta tsaya ga kasuwa ba. A duba waɗannan kalmomi: a yamma ana cewa zamna, ɗamre, sabka, sabro, a Kano kuwa zauna, ɗaure, sauka, sauro. Karin yamma ne ya riƙe tsohuwar siga, Kano ta mayar da "m" da "b" na ƙarshen gaɓa suka zama "u". Saboda haka ɗalibin da ya fara da zamna da sabka, ƙa'ida ɗaya tak za a ba shi ya isa Kano. Wanda ya fara da zauna da sauka fa? Ba shi da hanyar sanin inda "m" take da inda "b" take, balle ya gane cewa "yau" tana nan yadda take ko'ina. Sai ya haddace su ɗaya bayan ɗaya. Gangara ta fi hawa sauƙi, don me za a fara da shi daga gindin tudu?

Za a ce ai littattafai da karin Kano suke. Gaskiya ne: Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, da labaran gidajen rediyon ƙetare duk a kansa suke tafiya. Za a kuma ce Hausar Nijar ba ɗaya ba ce, tunda ta Damagaram ta fi kusa da ta Kano. Wannan ma haka ne. Amma ai ɗalibin wata uku ba Abubakar Imam yake karantawa ba, farashi yake tambaya.

Ni dai ga tsarina. A watannin farko baki da kunne su saba da karin yamma, har da "na gaya ma Audu" a gurbin "na gaya wa Audu". In an zo karatu, a kawo sigar Kano a jera ta kusa da wadda ya sani. Malamin da ya ja jan biro a kan "munka zo" a Tamanrasset, shi ya kamata a mayar aji.