Mai Kwarmato Ya Fi Buƙatar Aikinsa Fiye da Tukuici

Rubutun wannan makon a kan wani mutum ne da muke yawan sakawa a labaranmu a matsayin munafuki ko ɗan gulma, wato ma'aikacin da ya tona asirin almundahana a wurin aikinsa. Ra'ayina shi ne, a Najeriya mun ba wannan mutum alƙawarin tukuici, mun hana shi abin da ya fi buƙata, wato tabbacin cewa gobe zai tarar da aikinsa.

Bari mu ƙaddara wani misali daga nan gida. A ce wani matashi ɗan Minjibir yana aikin kula da sito a wani kamfanin sayar da taki. Tirela ta iso gab da damina, takardar kaya ta ce buhu 600, shi kuwa ya ƙirga ya sami 540. Manaja ya ce masa, "Sa hannu kawai, za a cike daga baya." An yi haka sau uku, buhu 180 ke nan sun bi iska, kuma sa hannunsa ne a kan kowace takarda. Ranar da mai kamfani ya turo masu binciken asusu, sunan da za su fara gani nasa ne. Idan ya yi shiru, shi ne ɓarawo a takarda. Idan ya yi magana, manajan da ya tona shi ne mai rubuta masa takardar tuhuma.

Me doka ta tanadar masa? A watan Disamba na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, a lokacin Kemi Adeosun, ta fito da tsarin kwarmato, inda wanda bayaninsa ya kai ga ƙwato kuɗi zai iya samun tsakanin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. An yi ta murna, musamman da EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a watan Afrilu na 2017. Sai dai tsarin manufa ce ta gwamnati, ba doka ce da majalisa ta yi ba, kuma hankalinsa yana kan dukiyar gwamnati. Takin ɗan kasuwa ba ya ciki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma jami'in gwamnati take karewa. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin kare masu kwarmato a 2017, amma bai zama doka ba.

Su kansu ma'aikatan hukumomin gwamnati ba su sha da daɗi ba. Murtala Ibrahim, mai binciken asusu a bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, ya rasa aikinsa a 2017 bayan ya bankaɗo abin da ya ce almundahana ce, sai da aka yi doguwar fafutuka kafin a mayar da shi. Wannan mutum ne mai ilimi, a Abuja, jaridu da ƙungiyoyi suna bayansa. To ina ga yaron sito da ko takardar ɗaukar aiki ba a ba shi ba?

Wasu za su ce ai sai ya ɓoye sunansa. Wannan shawarar birni ce. A babban banki mai dubban ma'aikata, inda Babban Bankin Najeriya ya wajabta buɗe hanyar kwarmato tun 2014, ɓoye suna yana iya aiki. A sito mai ma'aikata biyar, wa ya ƙirga buhunan in ba mai sito ba? Kuma a Minjibir ko Kunya, manajan nan wataƙila abokin mahaifinsa ne, ko shi ya nema masa aikin. Kafin la'asar magana ta isa zaure, an kira yaron an ce ya ci amana, ya butulce wa wanda ya yi masa rana. Inda kowa ya san kowa, sirri ba ya kare mutum.

Ramuwar gayya kuma ba ta zuwa da sunanta. Ba wanda zai rubuta "mun kore ka saboda ka faɗi gaskiya." Za a fara da takardar tuhuma kan makarar minti goma, sai a ɗauke shi daga sito a mai da shi bakin ƙofa, sai albashi ya fara jinkiri, daga ƙarshe a ce kasuwa ta ja baya an rage ma'aikata. Tsohuwar ƙa'idar da kotunanmu suka daɗe a kai ita ce, kamfani mai zaman kansa yana iya sallamar ma'aikaci ba tare da faɗin dalili ba, muddin ya ba shi wa'adi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano, ta fara sauya wannan, tana neman dalili mai ma'ana. Amma zuwa kotu kuɗin lauya ne da dogon jira, ga mutumin da ba ya da albashi.

Abin da nake ganin ya dace shi ne doka mai abu biyu. Na farko, duk wanda aka kora ko aka rage wa matsayi jim kaɗan bayan ya kai rahoto, a ɗora wa kamfani nauyin tabbatar da cewa ba rahoton ne sila ba. Na biyu, a buɗe ƙofofin kai rahoto da talaka zai iya shiga. Ghana ta yi dokarta tun 2006, ta yarda a kai bayani da baki a rubuta wa mutum, kuma cikin waɗanda ake iya kai wa har da sarakunan gargajiya da shugabannin addini. Ku ƙaddara a ce maganar da yaron ya kai wa dagaci ko limamin Juma'a tana da kariyar doka.

Na san akwai fargabar masu hassada da za su ƙulla sharri su fake da doka. Fargabar gaskiya ce. Maganinta shi ne kariyar ta tsaya ga wanda yake da dalilin gaskata abin da ya faɗa, wanda kuwa ya ƙirƙiri ƙarya da gangan ya fuskanci hukunci. Buhu 540 da aka rubuta 600 abu ne da ake ƙirgawa, ba zancen ji-ta-ji-ta ba.

Kafin dokar ta zo, ga abin da zan ce wa mai siton. Ya rubuta adadin da ya ƙirga a kan takardar kafin ya sa hannu. Ya ajiye littafinsa na kansa mai kwanan wata da lambar mota. Ya kai rahoto a rubuce ga wanda yake sama da manajan, ya riƙe kwafi. Ya nemi takardar sharuɗɗan aikinsa, domin dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci ita cikin wata uku da fara aiki. Kada ya fara da zuba sunaye a Fesbuk, nan take magana za ta koma ƙarar ɓata suna, a manta da taki.

Mu kuma masu alƙalami, idan mun sa irin wannan yaro a labari, mu daina gama shi da tafi da kyautar mota. Mu rubuta safiyar da ya koma aiki ya yi sallama, aka rasa mai amsawa. Ina jiran ra'ayoyinku, musamman waɗanda suka taɓa aikin sito ko asusu.