Wasiƙa zuwa ga akawuna masu buɗe fayil

Ina so in ja hankalinku, ya 'yan'uwana ma'abota alƙalami da rajista, ga wani kuskure da na daɗe ina gani a ofisoshi da bankuna, wato hukunta ƙungiya da wutsiyar sunanta tun kafin a dubi takardar shaidarta.

A ce manoma ashirin sun zo da takarda, sunan ƙungiyarsu ya ƙare da "Limited". Akawu mai gaggawa sai ya rubuta ta a sahun kamfanoni, ya nemi lambar RC, in bai samu ba ya ce takardar jabu ce, alhali kuwa dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ita ce ta wajabta wannan kalma a kan ƙungiyar da alhakin bashin 'ya'yanta yake da iyaka, kuma rajistarta tana wurin Daraktan Gama Kai na jiha, ba wurin Hukumar Rajistar Kamfanoni ba. Saboda haka tambayar farko ita ce: wa ya sa hannu a takardar?

Tambaya ta biyu, wadda ta fi muhimmanci a ganina, ita ce makomar rarar kuɗi. Idan manoman nan suka ci ribar naira 800,000 a shekara, wajibi ne a keɓe aƙalla rubu'i, wato 200,000, a asusun ajiya, sannan babban taro ya yanke yadda za a yi da saura, kowane ɗan ƙungiya da ƙuri'a ɗaya komai yawan abin da ya zuba. Da kamfani ne, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta ce jarinsa kada ya gaza naira 100,000 in ba na jama'a ba ne, da mai rinjayen hannun jari shi ke da rinjayen murya da na riba.

Amma ƙungiyar masallaci ko ta marayu, lambarta tana farawa da IT, sunanta da "Incorporated Trustees of", kuma ba a yi mata rajista sai an buga sanarwa a jaridu biyu an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Amintattunta sun yi kama da nazirin waƙafi, suna riƙe da dukiya ba su mallake ta ba. Ko an rushe ƙungiyar, abin da ya saura bayan biyan bashi sai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Don haka in kun ga gurbin "masu hannun jari" a cike cikin fayil ɗin irin wannan ƙungiya, ku mayar da shi ga wanda ya cike, ku nemi jerin sunayen amintattu da tsarin mulkinta.

Wassalam.