Shawarar Wata: Sanarwar da ke gyara ba ta kori kowa ba

  An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, azuzuwan yaƙi da jahilci sun buɗe daga Bangi har Madawa, Buza da Keta. Maganarmu ta wannan wata a kan takarda ce guda, wadda ake liƙawa a bakin rumfar karatu don masu makara da yara masu surutu. Takarda ce ƙarama, amma na ga ta kusa watsa aji.

A wani ƙauye na ƙasar Bangi ne. Ajin maza yana zama da dare, bayan sallar lisha. An rubuta mutum 30. Malamin saurayi ne mai ƙwazo, amma abu biyu sun dame shi. Kullum sai wasu sun shigo ana tsakiyar darasi. Su yi sallama da ƙarfi, a amsa, a gaisa, a tambayi gida da bisashe, karatu ya tsaya. Ga yaran gari kuma sun kewaye rumfa saboda hasken fitila, suna leƙe ta zana, suna dariya in wani dattijo ya yi kuskure.

Ran nan malam ya hasala. Ya samu kwali ya rubuta:

"An hana makara. Wanda ya makara ya koma gida. Iyayen da ba su iya tarbiyya ba su riƙe 'ya'yansu."

A ƙasa ya jera sunayen mutum 3.

Makara ta ƙare, gaskiya ne. Amma cikin kwana 7 masu zuwa aji suka koma 17. Cikin waɗanda suka daina har da wani dattijo makiyayi, wanda shi ne ya jawo samarin rugarsu 5. Da ya zauna gida, su ma suka zauna.

Na bi shi ruga. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, lafiya ba mu ganinka?"

Ya ce, "Ɗana, lafiya lau. Rijiya ce. Layinmu ba ya zuwa sai la'asar sakaliya. Kafin in shayar da shanu, in kai su, in ɗaure maruƙa, a yi tatsa, lisha ta wuce. Sannan in tako. Harafin farko da na koya a duniya na sunana ne. Sai ga shi na gan shi a bakin rumfa, jikokina suna nunawa da yatsa."

Kun ji inda cutar take. Maganar baki iska ke ɗauke ta. Rubutu kuwa yana nan tsaye dare da rana, kowa ya wuce ya karanta. Faɗan da aka rubuta, kullum sabo ne. Don haka wanda Allah ya ba ilimin riƙe alƙalami, sai ya auna kafin ya ɗora shi a kan takarda.

Ga yadda muka gyara, mataki-mataki.

Da farko mun tambaya kafin mu rubuta. Muka zauna da malam da 'yan kwamitin aji, muka lissafa masu makara. Mutum 9 ne. Guda 6 makiyaya ne irin Baba. Guda 2 masu garkar albasa ne, suna ban ruwa har duhu. Guda 1 ne kawai mai tsayawa hira a teburin mai shayi. Ashe kwalin farko ya zagi mutum 8 saboda laifin mutum 1. Da muka gane haka, sai aka ɗaga lokacin fara karatu kaɗan. Wannan kaɗai ya rage rabin matsalar, tun ba a rubuta komai ba.

Na biyu, mun sa lokacin da kowa ya sani. "Ku zo da wuri" ba lokaci ba ne. Wurin wani daren wani ne. Ba kowa ke duba agogo ko waya ba, amma kowa yana jin kiran salla. Sai muka rataye tsohon ƙarfen mota a jikin bedi. Bayan lisha, in an ci tuwo, a buga sau ɗaya: shiri ke nan. Bayan minti 15 a sake bugawa: an fara.

Na uku, mun buɗe wa mai makara hanya. Mutum ba ya son ya ɓata wa jama'a, amma bai san yadda zai shigo ba. Sallama kuwa ba a hana Bahaushe, ba a hana Bafillace, ba a hana Buzu. Sai muka shimfiɗa tabarma guda kusa da ƙofa, da allo da alli a kai. Wanda ya makara ya yi sallama a hankali, na kusa da shi ya amsa, ya zauna nan. Gaisuwa mai tsawo sai an tashi.

Na huɗu, yara. Yaro ba kwali ke tsawata masa ba, ƙanana ma ba su iya karanta shi. Kuma abin da ya kawo su, shi ya kawo mu: haske da son ganin harafi. In ka kore su gabas, su ɓullo yamma. Sai muka share musu wuri ƙarƙashin bedi, kamar taki 20 daga rumfa. Aka sa musu fitila ƙarama mai aiki da rana. Wani ɗan lakwal mai shekara 12 ya zama babbansu, yana nuna musu haruffa a ƙasa da tsinke. Wanda ya fi kowa surutu, shi muka ba aikin buga ƙarfe da share allo.

Sai bayan an yi duk wannan muka rubuta sabuwar sanarwa. Ga ta, ku kwafa in ta yi muku:

"Salamu alaikum.
Mun gode da zuwanku bayan gajiyar yini.
Muna fara karatu a bugun ƙarfe na 2, bayan lisha.
In aiki ya riƙe ka, ka zo ko an fara.
Tabarmar bakin ƙofa taka ce. A yi sallama a hankali.
Yaranmu suna da wurinsu ƙarƙashin bedi.
Mu taimaka musu su zauna can, don kowa ya ji darasi.
Daga kwamitin aji."

Ku duba ta da kyau. Layi 8 ne, gajeru, yadda wanda ya yi wata 2 a aji zai iya haɗa su. Ta fara da sallama da godiya, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ba ta ce "an hana" ko sau ɗaya ba. Kowane layi yana faɗin abin da za a yi, ba abin da aka ɓata ba. Ta ce "muna" da "yaranmu", ba ta ce "ku" da "'ya'yanku" ba, don mai rubutu shi ma yana cikin jama'a. Ta faɗi dalili: don kowa ya ji darasi. Babba in ya ji dalili, ba sai an yi masa barazana ba. Kuma ba sunan kowa a ciki.

Wannan na ƙarshe ba dabararmu ba ce. Malamai suna karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in labarin kuskuren wani ya zo masa, yakan yi gyara a gaban jama'a ba tare da ya kama suna ba. Kuma ya zo cikin Buhari cewa yakan gajarta salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwar. To, in an yi haka a salla, ina ga rumfar karatu?

A ajin mata ma haka ne, sai dai a canza layi biyu. Su rijiya da daka da girki ke riƙe su, kuma da goyo suke zuwa. Kada a rubuta cewa a bar yara gida, don ba inda za a bar mai shan nono. A rubuta: "Mai goyo ta zauna gefen ƙofa. In ya yi kuka ta fita ta lallashe shi, ta dawo, wurinta yana nan." Kalmar "ta dawo" ita ce babba a ciki.

Wajen liƙawa kuma a lura. A yi haruffa manya, tsawon kowane kamar faɗin yatsa 2. A rataye daidai idon mutum a tsaye, inda hasken fitila ke kaiwa, inda akuya ba ta kaiwa. A ɗaure kusurwa 4 saboda iskar hunturu. Daren farko malam ya karanta ta da baki, sannan ya bar ɗalibai su karanta layi-layi, ta zama darasin ranar. In akwai wanda Hausa ba ta zauna masa sosai ba, wani ya faɗa masa da Fillanci ko Buzanci. Bayan mako 2 a sauke ta. Takardar da ta daɗe a bango, ido ya kan daina ganinta.

Yaya za ku san ta yi aiki? Kada ku ƙirga masu makara kawai. Kwalin farko ya kashe makara ƙurmus, don masu makarar sun daina zuwa. Ku ƙirga abu biyu kowane dare har kwana 7: mutum nawa suka zo, mutum nawa suka makara. In makara ta ragu, masu zuwa ba su ragu ba, sanarwa ta yi. In duka biyu sun ragu, ku sauke ta da sauri, akwai ƙaya a ciki.

Amma takarda tana da iyaka. Ba ita ta dawo da Baba ba. Malam ne ya taka har ruga, ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini." Baba ya ce, "Ba komai, Malam, yaro ba ya girma sai da tuntuɓe." Washegari ya zo da samarinsa. Shi kuwa mai hirar shayi, ba a sake rubuta masa komai ba. Wani abokinsa ɗan kwamiti ya ja shi gefe, su biyu, suka yi magana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kafin mako 2 aji ya koma mutum 28. Baba har yanzu yakan makara ranar da layin rijiya ya yi tsawo. Yakan zauna tabarmar bakin ƙofa, ya ɗauki allonsa.

Wanda ya rubuta tasa sanarwa, ta aji ko ta masallaci ko ta taron ƙungiya, ya ba malaminsu ya aiko mana mu gani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.