Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatan Jinya: Idan Aka Ce Ku Auna Shugabar Ɗakinku

Ƙannena da 'ya'yana masu aikin jinya da ungozoma,

Yawancinmu mun tashi da fom ɗin APER, wanda na sama ke cike wa na ƙasa a ƙarshen shekara, ka sa hannu ka yi shiru. Yanzu wasu asibitoci, musamman masu zaman kansu da na ƙungiyoyin agaji, sun fara juya abin: a miƙo miki takarda ko a turo a waya, a ce ba wa shugabar ɗakinki maki daga 1 zuwa 5, ki kuma rubuta ra'ayinki, wai ba za a san mai rubutun ba. Na cike irin wannan fom, daga baya kuma an cike a kaina, shi ya sa nake so mu yi magana a kai.

Kada ku jingina da alkawarin ɓoye suna. Ba ina cewa masu alkawarin maƙaryata ne ba, lissafi ne kawai yake tona asiri. A ce ku huɗu ne a ƙarƙashin sista guda, aka kawo mata sakamako cewa matsakaicin makinta 3.5 ne. Jimilla 14 ke nan. Idan uku daga cikinku suka je suna neman fada, suka gaya mata sun ba ta 4 da 4 da 5, ta san saura 1, ta kuma san mai shi. Kamfanin Google, da ya yi suna wajen wannan tsari, ba ya nuna wa shugaba rahotonsa sai aƙalla mutum uku sun amsa, kuma kun ga ko huɗun ba su tsare kowa ba idan bakuna suka yi yawo. Saboda haka kada ki gaya wa kowa makin da kika bayar, ko da aminiyarki ce.

Kafin ki taɓa fom ɗin, ki tambayi wanda ya kawo shi: wa zai karanta, kuma za a miƙa wa shugabar kalmominmu yadda muka rubuta ne ko taƙaitawa za a yi? Duba tambayoyin farko da kyau. Idan an nemi jinsi da matakin albashi da shekarun aiki, to namijin nas guda ɗaya da ke ɗakin haihuwa ya riga ya sa hannu ko bai rubuta suna ba. In fom ɗin na Google Forms ne, karanta samansa, domin yakan nuna ko za a ajiye adireshin imel ɗinki tare da amsar. In na takarda ne, ki tuna shugabarki kullum tana karanta rubutun hannunki a rahoton miƙa aiki.

To me zai kare ki? Ki rubuta abin da ko an gano ke ce, za ki iya maimaita shi a gabanta ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Bari in ba ku misali daga kaina. A wani asibiti da na yi aiki, shugabarmu tana da ɗabi'ar sauya rosta ana gobe. Ka shirya aikin safe, da magariba a kira ka a ce dare za ka yi. Ranar da fom ya zo, abin da na fara rubutawa shi ne: "Ba ta da adalci, tana da 'yan gaban goshi, ta hana ni zuwa bikin ƙanwata." Allah ya sa ban miƙa a ranar ba. Da na sake karantawa da safe, sai na ga ni kaɗai ce ƙanwata ta yi aure a watan, wato na rubuta sunana da babban baƙi. Na kuma ga babu abin da za ta iya yi da kalmar "adalci" illa ta ji haushi, don ba wanda ke tashi da safe ya ce yau zan ƙara adalci da cokali biyu.

Sai na ɗauko littafin rosta na ƙirga. Abin da na miƙa daga ƙarshe shi ne: "A wata uku da suka wuce an sauya rosta sau shida ƙasa da kwana ɗaya kafin aiki. Sau biyu hakan ya sa wadda ta kwana a aiki ta zarce har azahar, kuma maganin ƙarfe takwas ya makara. Muna roƙon a kafa rosta mako guda kafin lokaci, in sauyi ya zama dole a sanar da kwana biyu." A ƙasa na ƙara gaskiyar da na sani game da ita, cewa idan aka kawo mai jijjiga cikin dare ba ta taɓa barin ƙaramar nas ita kaɗai ba. Wannan rubutu kowa a ɗakin zai iya yin sa, don kowa ya gani, kuma yana cikin littafi. Ya faɗi abin da aka yi, da abin da ya jawo wa marar lafiya, da abin da ake so a canza. Roƙo ɗaya na yi. Da na jera goma, da ta karanta shi a matsayin ƙara, ta fara neman mai ƙarar.

Akwai kuma masu cika 5 daga sama har ƙasa, don kunya ko don a zauna lafiya. Na san tarbiyyarmu ce, ba a gyara wa babba magana a bainar jama'a. Ba mu kaɗai ba ne: wani bincike da David Antonioni ya wallafa a 1994 ya nuna ma'aikatan da aka san sunansu sun fi ba shugabanninsu maki mai yawa a kan waɗanda aka ɓoye. Amma 5 ɗin ƙarya shaida ce kika bayar cewa rosta lafiya lau take, kuma ranar da kika kai kuka za a buɗe fom a nuna miki. Haka ma mai zuba 1 a ko'ina don huce haushi, mai tattara sakamako yana gani ya san fushi ne, ya ture gefe. Ba kowace tambaya makinta daban. Wadda ba ki da masaniya a kanta, bar ta ba amsa in fom ya yarda.

Wasu abubuwa ba na wannan fom ba ne sam. Shugaban da ke neman ma'aikaciya da lalata, ko karkatar da magani, ko sauya abin da aka rubuta a katin marar lafiya, ba a auna shi da maki. Rahoton wurinsa zai koma, kin gargaɗe shi ke nan ya share sawu. Wannan sai rubutacciyar ƙara mai kwanan wata zuwa ga hukumar asibiti, da sanin wakilin ƙungiyarmu, ki kuma riƙe kwafi a gida.

Ku kuma 'yan'uwana shugabannin ɗaki, na san zafin karanta irin wannan takarda, na kwana ban yi barci ba a kanta. Kada ku zauna kuna hasashen wa ya rubuta me. Walker da Smither sun bi manajoji 252 tsawon shekara biyar, suka wallafa a 1999 cewa waɗanda suka zauna da ma'aikatansu suka tattauna sakamakon sun fi samun ci gaba a kan waɗanda ba su zauna ba. Ku tara ɗaki, ku ce ga abin da aka faɗa, ga guda ɗaya da zan gyara daga wannan watan. Idan kuka sauya wa wata wurin aiki mako biyu bayan fom, ko da dalilinku na gaskiya ne, baɗi duk 5 za ku samu, kuma ba za ku sake jin komai ba.

Tamu shugabar mai sauya rosta ba ta taɓa ce mana uffan a kan takardar ba, gaisuwarta ma ta ɗan yi sanyi na 'yan makonni. Amma daga watan da ya biyo baya, rosta tana kan allo tun ranar Litinin.

Idan fom ya zo, don Allah ku kwana da shi kafin ku miƙa.

Wassalam,
Yayarku a aiki, tsohuwar ma'aikaciyar jinya.